Shafi 16 a minti 15, yaya zan yi ranar Talata?

Ladidi (Ngaundare): Salamu alaikum 'yan uwa. Talata zan yi ekspoze, wato gabatar da aikina da baki, a aji, minti 15 aka ba ni, takardar kuwa shafi 16 ce, kan madatsar ruwan Maga ta arewacin Kamaru da abin da ta jawo wa makiyaya da masunta. Malaminmu ya ce kada wanda ya karanta masa takarda, shi ya riga ya karanta, so yake ya ji inda mutum ya dosa, kuma a riƙa tsayawa ana numfashi. Ni tun farko ma ba wannan maudu'in na so ba, na kasuwar shanu na zaɓa wata ta riga ni, ga kawuna da zai kai ni Yagwa ya yi ta ɗage tafiya har damina ta shigo, da ƙyar na samu mutanen da na zanta da su. Na gwada karantawa da gudu, duk da haka na wuce rabin awa. Ku taimaka.

Malam Sale (Garwa): Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kalma nawa ce? Shafi ba ma'auni ba ne. Kuma da wane harshe?

Ladidi: Wajen 5,000 ne Malam. Da Faransanci.

Malam Sale: To gudu ba zai fishe ki ba. Mai magana a natse, yadda na bencin baya zai fahimta, kalma 120 zuwa 130 yake yi a minti. Cire minti ɗaya na ko-ta-kwana, cire ɗaya da rabi na tsayawa, saura 12 da rabi. Kalma 1,600 ke nan, kashi ɗaya cikin uku na abin da kika rubuta. Saboda haka kada ki zauna kina goge layi-layi a tsohuwar takarda, za ki ƙare da abu mai gurgunta. Rufe ta, ɗauki farar takarda, rubuta a jimla ɗaya abin da kika gano. Sannan batutuwa uku da suka tallafe shi. Sai bayan nan ki buɗe tsohuwar ki ɗebo hujja. Mene ne jimlar taki?

Ladidi: Cewa ba fari kaɗai ya kashe fadamar kogin Logon ba, madatsar ma tana da hannu. Amma wannan sai a shafi na 13 na faɗe shi.

Malam Sale: Dawo da shi minti na farko. Mai karatu yana iya juya shafi ya koma baya, mai sauraro in ya ɓata ya ɓata. Shi ya sa kike gaya masa hanya tun daga ƙofa: "Abu uku zan nuna: yadda fadamar take kafin madatsa, abin da madatsar ta canza, da abin da ya faru da aka sake sakin ruwa." Duk sanda kika gama ɗaya ki faɗa da baki cewa kin gama.

Bashir (Kuseri): Yaya Ladidi ki haddace kawai. Mu da muka yi allo hadda ba ta ba mu tsoro. In babu takarda a hannu dole ki kalli mutane, malam kuma ba shi da abin cewa.

Hauwa'u (Marwa): Hmm. Ni bara haddar na yi, ina tsakiyar magana aka ɗauke wuta, majigi ya mutu, komai ya gudu daga kaina. Malamin ko ɗaga kai bai yi ba, waya yake dannawa, ya ba ni 11 bisa 20, wadda ta karanta tata tiryan-tiryan ya ba ta 14. Wasu malaman kafin ki buɗe baki sun riga sun rubuta maki, kada ki kashe kanki.

Malam Sale: Bashir ya yi rabin gaskiya. Ki haddace buɗewa da rufewa, nan ne ake buƙatar idonki a kan mutane. Tsakiya ki riƙe rubutu. Ladidi, turo min jimla ɗaya daga inda kika yi maganar madatsar, ki mayar da ita Hausa.

Ladidi: "Gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa na kamfanin SEMRY, haɗe da ganuwar da aka ja a gaɓar Logon, ya rage ambaliyar da ke malale fadama kowace shekara, lamarin da, tare da farin shekarun 1970 da 1980, ya raunana kiwo da kamun kifi, kamar yadda sake sakin ruwa a 1994 ya tabbatar."

Malam Sale: A takarda babu laifi. A baki numfashinki zai ƙare tun wajen "kowace shekara", kuma babbar hujjarki, ta 1994, tana can wutsiya inda murya ke mutuwa. Ga yadda zan faɗe ta. Sanda ɗaya / numfashi ne, biyu // ki ƙirga uku a zuci.

"Mun ga fadamar kafin madatsa. Yanzu batu na biyu, madatsar kanta. // An gina ta a 1979, / domin noman shinkafa. / Ita da ganuwar gaɓar Logon suka tare ruwan da ke malale fadama kowace shekara. // Wani zai ce, ai an yi fari a lokacin. Haka ne. / Amma a 1994 an buɗe wa ruwa wata hanya, / kuma inda ya kai, ciyawa da kifi suka fara dawowa. // Ke nan ba fari kaɗai ba ne."

Duba inda na sa sanda biyu: bayan na sanar da batu, bayan magana mai nauyi, da kafin hukunci. Ba kowace waƙafi ake tsayawa ba. Kuma shirun zai yi miki tsawo fiye da yadda yake, za ki ji kamar kin manta, su kuwa lokacin suke rubuta shekarar. Ki ɗauki muryarki a waya ki saurara: duk inda kika ji "eee" ko kika haɗiye ƙarshen jimla, jimlar ce ta yi tsawo, raba ta.

Abakar (Injamena): In hotunan majigi ne matsalar, kar su wuce goma, ki sa taswirar tafkin Cadi babba.

Ladidi: Ba majigi a ajinmu Yaya Abakar, kuma Maga ce ba tafkin Cadi ba. Malam na gode, amma wannan ya yi kama da hira, kar a ce ban yi ilimi ba. Sannan shafi na 2 zuwa na 6 bitar marubuta ce, a kanta na fi shan wahala, ba zan iya jefar da ita ba.

Malam Sale: Ba jefarwa ba ce, tana cikin takardar da aka riga aka karanta. A baki jimla biyu ta isa: masu ɗora laifi kan fari, masu ɗora shi kan madatsa, ga inda kika tsaya. Shafi biyar ɗin nan in kika karanta su, sun cinye kusan duk lokacinki, masuntan da kika sha wuya kafin ki samu ko sunansu ba za a ji ba.

Anti Rabi (Ngaundare): Malam Sale, a nan ban bi ka ba. A fakulte ɗin nan akwai malaman da in ba su ji sunayen marubuta da tsari mai kashi biyu ba, sai su ce babu hanyar bincike. Ba irin ɗalibanka na lise ba ne. Kuma ni cikakken rubutu ban yarda da shi ba, ido yana manne wa takarda. Ƙananan katuna da kanun magana sun fi. Ladidi 'yata, tambayi waɗanda suka yi gabanki wajen wannan malamin.

Malam Sale: Hajiya, kati na wanda ya saba ne. Mai fargaba in ta ga kalma uku a kati sai ta yi ta kewaye har lokaci ya tafi. Ta buga da manyan haruffa, fuska ɗaya, ta sa lamba a shafukan.

Ladidi: Ni ce ta farko a jerin, Anti, ba wanda ya riga ni. Na rage bitar zuwa shafi uku, yanzu ina minti 24. In na cire tsayawar nan ta sanda biyu fa, ba zan samu ko minti biyu ba?

Bashir: Na ce ki haddace.