120Hz da 480Hz a kan kwali: riba ce ko ado?

Abba: Jama'a, ga wayoyi biyu, kuɗinsu ɗaya. Ta farko an rubuta mata 120Hz da "480Hz touch sampling", ta biyu 90Hz da 240Hz amma injinta ya fi ƙarfi. Don PUBG nake so. Ni dai na ce mai manyan lambobi ta fi, ko da mai ja?

Malam Isa: Ina ja, Abba. Lambar farko tana faɗin sau nawa allo ke sake zana hoto a daƙiƙa ɗaya. Allon 60Hz yana sabunta kansa duk milisakan 16.7, na 90Hz duk 11.1, na 120Hz duk 8.3. To amma allo ba ya ƙirƙirar hoto, abin da injin waya ya miƙo masa yake nunawa. Idan injin hoto 45 kawai yake iya fitarwa a daƙiƙa cikin gem, allon maimaita tsohon hoto zai yi ta yi. Ta biyun, in har tana riƙe 60 ba ta gargada, ita za ta fi daɗi a hannu.

Usaina: Ni a ganina duk talla ce. Idon mutum ba ya ganin abin da ya wuce 60.

Malam Isa: A kallon bidiyo kina da gaskiya, amma ba laifin ido ba ne. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, yawancin bidiyon waya 30, YouTube ma a 60 ya tsaya, don haka 120Hz ba abin da zai ƙara musu. Amma buɗe dogon rubutu ki ja shi sama da yatsa a 60, ki sake ja a 120. A 60 haruffa suna shafewa, a 120 kina iya karantawa yana tafiya. Wannan kowa na gani.

Abba: To 480 ɗin fa, Malam? Ba ita ke sa na riga abokin gaba harbi ba?

Malam Isa: Mu yi lissafi. Wannan lambar sau nawa ne gilashi ke duba inda yatsanka yake. A 240Hz yana dubawa duk milisakan 4.2, a 480Hz duk 2.1. Da yake taɓawarka na iya faɗowa ko'ina a tsakani, jiran da kake yi kusan rabin haka ne, ribarka kenan kamar milisakan ɗaya. Bayan nan sai Android ta karɓa, gem ya lissafa, a zana, allo ya jira lokacinsa. Sannan ga lambar da ke kusurwar gem ɗinka, in tana nuna 80ms, wato saƙonka na cin milisakan tamanin zuwa da dawowa. Me ɗaya za ta yi a gaban tamanin? Inda ake jin sauyi a wannan lambar ta taɓawa shi ne daga 120 zuwa 240, musamman wajen saita bindiga ko rubutu da alƙalamin allo, inda layi ke biyo hannu a baya.

Danladi: A ƙara da cewa wayoyi da yawa ba sa kai babbar lambar sai an kunna yanayin gem. Kuma Abba ya gwada kafin ya biya: ya danna `Build number` sau bakwai a cikin `Settings`, ya shiga `Developer options`, ya kunna `Show refresh rate`. Lamba za ta fito a saman allo. Ya buɗe gem ɗin ya ga ko ta faɗo 60, don PUBG ba kowace waya yake buɗe wa 90 ba.

Malam Isa: Haka ne, sai dai lambar nan ta allo ce, ba ta hotunan da gem ke fitarwa ba. Tana iya nuna 120 gem na ɗingishi. Ya buga minti ashirin tukuna, don a zafin Afrilu waya na ɗumama sai ta rage gudun injinta da kanta.

Garba: Tawa in na sa caji sai ta riƙa danna kanta. Ƙarancin lambar touch sampling ne?

Danladi: A'a, cajarka ce ke sako hayaniyar lantarki cikin gilashin. Cire ta ka gani, in ya daina, canza caja.

Usaina: Ni har yanzu batir ne damuwata. A garin da wuta ba ta zama, 120Hz asara ce.

Malam Isa: Ya danganta da allon. Nau'in allon da ake kira LTPO yana sauka ƙasa sosai idan hoto ya tsaya, wasu har 1Hz. Masu araha kuwa tsakanin 60 da 120 suke tsalle, su ne ke shan caji.

Usaina: To ai kuɗin Abba ba su kai LTPO ba, Malam. A 60 zan kulle ta, in kai dare da caji.

Danladi: Idan ya kulle a 60, ya biya kuɗin 120 ɗin don me?