Na danna Forgot password ya fi sau goma, imel ɗin ya ƙi zuwa

Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min wlh hankalina a tashe yake. Wata huɗu da suka wuce na cike neman aiki a fotal ɗin wata hukuma, lokacin ina Zariya wajen yayata da ta haihu, wayata kuma ta faɗa ruwa ana gobe suna, sai da mijinta ya ara min tasa tsohuwa na riƙe kusan sati uku kafin Baba ya saya min wannan, to a cikin hidimar nan takardar da aka rubuta min faswod ta ɓata. Yanzu sunaye sun fito kuma ƙawata ta ce ta ga nawa, ranar Alhamis za a yi jarabawa dole sai da silif, yau Litinin. Na danna Forgot password na sa imel ɗina, ya rubuta min an tura, tun Asabar nake dubawa babu komai. Na sake ya fi sau goma. Data na da ita, sabis ma lafiya lau. Me zan yi?

Abban Hanif:
Wa alaikumus salam. Yana Spam, tabbas. Ki buɗe Gmail ki taɓa layuka ukun nan na sama ta hagu, ki gangara ƙasa za ki ga Spam. Ki leƙa Promotions ma. Ni duk irin saƙon nan can nake tsintarsa.

Ummi:
Na duba Spam tun jiya Abban Hanif, tallan bashi ne kawai da na caca.

Sadiya:
In faswod ɗin Gmail kika manta ai suna iya turo kod ta lambar waya, layin da kika buɗe da shi yana hannunki?

Ummi:
Ba na Gmail ba ne Anti, Gmail ɗina a buɗe yake. Na fotal ɗin ne.

Malam Nura:
Ummi ki dakata da dannawa tukuna. Shekarata takwas a ɗakin kwamfutar makaranta, duk lokacin rijista sai an kawo min wannan matsalar. Rubutun da ya fito miki ɗin, ki sake karanta shi da kyau. Yawancin fotal abin da suke rubutawa shi ne If an account exists with this email, wato in har akwai mai rijista da wannan adireshin to an tura. Da gangan suke yin haka don kar ɓarawo ya riƙa gwada imel ɗin mutane yana gano wanda ke da rijista. Ko adireshin da babu shi a duniya kika sa, rubutun nan ɗaya zai fito. Saboda haka har yanzu ba mu san an tura miki komai ba.

Fara da akwatinki. Ki sa wani na kusa da ke ya turo miki imel yanzu, ki ga ko zai shigo cikin minti biyu. Dalili, Gmail na kyauta 15 GB ne, kuma hotunan Google Photos da kayan Drive da ajiyar WhatsApp ta Android duk a cikinsa suke ci. In ya cika saƙo ba ya shigowa kwata-kwata, komawa yake wajen wanda ya aiko, ke kuma ba za ki san an ma aiko ba.

In gwajin ya shigo, ki je wajen bincike na saman Gmail ki rubuta wannan daidai yadda yake:

```
in:anywhere newer_than:3d
```

Zai fito miki da duk abin da ya shigo cikin kwana uku, har na Spam da na Trash da wanda ya tsallake Inbox. Binciken da kike yi haka kawai ba ya leƙa Spam da Trash, All mail ma ba ya nuna su. Ki faɗa min abin da kika gani.

Baffa:
Wlh irin abin da ya same ni kenan bara. Mai kafe ya cike min fom ashe imel ɗinsa ya sa, da na koma sai ya ce sai na ba shi dubu biyu kafin ya buɗe min. Dubu biyu fa, a kan abin da na riga na biya. Na biya kuma aikin ma ban samu ba. Mutanen nan sai dai Allah ya isa.

Ummi:
Malam Nura ƙanwata ta turo ya shigo nan take. Na sa abin da ka rubuta, saƙo bakwai ya fito, na banki biyu, na ƙanwata, sauran talla. Babu na fotal.

Malam Nura:
Madalla, an rage hanya. Akwatinki yana karɓa, kuma saƙon bai ɓuya a ko'ina ba. Filta ma, wato umarnin da ake sa wa Gmail ya riƙa ware wasu saƙonni, kusan ta fita daga zargi, don filta in ta kama saƙo ko dai ta jefa shi Trash ko ta sa ya tsallake Inbox, adireshin da aka toshe kuma Spam yake tafiya, duk binciken nan zai nuna su. Amma tunda kin ce kin yi sati uku da wayar wani, yana da kyau ki leƙa in kin samu kwamfuta. Settings, See all settings, sai Filters and Blocked Addresses. A manhajar waya ba za ki ga jerin ba. In kin ga wata filta da ba ke kika yi ba ki goge ta ki canza faswod ɗin Gmail.

Yanzu tambayar da ba ki amsa ba a duk bayaninki: wa ya cike miki fom ɗin, kuma wa ya buga imel ɗin da hannunsa? Sannan ki sake bincike, wannan karon ki rubuta in:anywhere ki bar fili ki sa sunan hukumar. Galibi fotal yana turo saƙon maraba ranar rijista. Ina so in san ko kin taɓa samun saƙo daga gare su ko sau ɗaya.

Ummi:
Yayana ne ya cike min, ɗan kawuna, yana da shagon kwamfuta a can kuma ko sisi bai karɓa ba. Ba irin na Baffa ba ne dan Allah. Ni na karanto masa imel ɗin da bakina yana bugawa. Na bincika sunan hukumar babu komai, amma wataƙila ya shiga Spam ne lokacin ya goge.

Malam Nura:
Wannan zai iya yiwuwa, Spam da Trash kwana 30 suke riƙe saƙo su goge da kansu. Amma haɗa biyun, babu na maraba, babu na yanzu guda goma. Ni a ganina adireshin da ke wajensu ba naki ba ne daidai. Kuma ban ce yayanki ya cuce ki ba, karantowa da baki ita ce babbar hanyar kuskure. Ke ki ce Muhammad shi ya buga Mohammed, ke kina da h a ƙarshen Khadijah shi bai sa ba, ko sifili ya zama harafin o, ko yatsa ya zame ya zama gmial.com ko gmail.con don n da m maƙwabta ne a kibod. Harafi ɗaya ya isa. Na taɓa ganin ɗalibi da ya kwana uku yana zagin fotal, da muka buɗe bayanansa a ofis sai ga 1998 a adireshin maimakon 1989.

Abban Hanif:
Ko ɗigo ne. In imel ɗinki akwai ɗigo tsakanin suna da suna aka manta da shi, wani mutum daban saƙon zai je wa.

Malam Nura:
A'a Abban Hanif, a adireshin gmail.com ɗigo ba ya canza akwati, da shi da babu shi mutum ɗaya ne ke karɓa. Inda maganarka take da gaskiya shi ne wajen fotal ɗin. Shi yana kwatanta abin da ta buga yanzu da abin da ya ajiye, in an yi rijista babu ɗigo ita kuma tana sa ɗigo, zai iya ɗauka babu wannan mutumin ya yi shiru. Don haka Ummi in akwai ɗigo a naki ki gwada sau ɗaya babu shi. Ki buga da hannu kar ki taɓa abin da kibod ya kawo miki, yana ƙara fili a ƙarshe, wasu fotal ɗin ba sa cire shi.

Abban Hanif:
To ai dai ɗigon ne na ce.

Sadiya:
Ni dai da ni ce sabuwar rijista zan yi da wani imel in huta.

Baffa:
An rufe rijista ai Anti, kuma sunanta ya fito da tsohuwar lamba. In da NIN suka haɗa ma ba zai karɓa sau biyu ba. Ni shawarata ki kira yayan naki ki tambaye shi kai tsaye, da yawansu imel ɗin shago suke sawa don sauri, ba da mugun nufi ba ma.

Ummi:
Na gwada babu ɗigo, minti ashirin kenan shiru. Yaya kuma na kira shi ya ce shi ya san abin da na faɗa masa ya buga, kuma mutum tara ya cike wa ranar duk babu wanda ya yi ƙorafi. Gaskiya ba zan iya sake matsa masa ba kamar ina tuhumarsa. Ni ina ganin fotal ɗin ne ya yi nauyi saboda kowa yana shiga yanzu, ƙawata ma ta ce nata sai da ya yi awa biyu.

Malam Nura:
Awa biyu daban, kwana uku daban. Jinkiri yana faruwa idan mutane sun yi yawa, amma da jinkiri ne da na Asabar ya iso yanzu. Ba sai kin tuhume shi ba, ce masa za ki yi ya duba kwamfutarsa ko fom ɗin da ya fitar miki ranar yana nan, yawanci imel yana jiki. Ko ya buɗe shafin shiga ya taɓa gurbin imel, burauza takan nuna adireshin da aka taɓa bugawa. In kun ga kuskuren, ba ke za ki gyara ba, sai ofishin taimako na hukumar, ki tafi da lambar rijista da katin shaida gobe da safe, kar ki bari sai Laraba. Kuma kar ki tura wa kowa kuɗi ko faswod ɗin Gmail don ya ce zai buɗe miki.

In kuma Allah ya sa saƙon ya zo, tunda kin nema sau goma za su jeru a zare ɗaya, na ƙasa shi ne sabo, shi za ki buɗe. Sau da yawa sabon yana kashe na baya, kuma suna da wa'adi, wani minti 15 wani awa ɗaya.

Ummi:
Na gode Malam Allah ya saka. Ofishin nasu ba a garinmu yake ba kuma Baba ba zai bar ni in tafi ni kaɗai ba. Zan bar shi zuwa dare lokacin da mutane suka ragu in sake gwadawa. Fom ɗin kuma ina jin yana cikin jakar da na baro a Zariya.

Baffa:
Ki sa yayarki ta ɗauko ta turo miki hotonsa mana.

Ummi:
Na kira ba ta ɗauka ba, yau suke kai jaririn rigakafi.