Wace kalma za mu ba NULL? Jibi nake da darasi

Mushen Birni: Salamu alaikum jama'a. Jibi da safe zan koyar da SQL, harshen tambayar rumbun bayanai, ga matasa a nan Damagaram, da Hausa, kuma NULL ta tsaya mini a wuya. Misalina ɗalibai 40 ne da kuɗin makaranta. 31 sun biya na watan 10, 6 na watan 9 kaɗai suka biya, 3 ba su taɓa biyan ko dala ba.

```sql
SELECT d.suna, b.kudi
FROM dalibai d
LEFT JOIN biya b ON b.dalibi = d.lamba
WHERE b.wata = 10;
```

Layi 31 ke fitowa, ba 40 ba, kuma na'urar ba ta ce uffan. In ban da sunan NULL, ta yaya zan gaya musu inda 9 suka shiga?

Ɗan Zango: Sifiri mana, Mushe. Wanda bai biya ba ai sifiri ya biya.

Malama Injiniya: A'a ƙanena, nan ne ramin. Faransanci ke ruɗa mu, don a can kalmar takan nufi sifiri. Sifiri lamba ce da aka sani. Su ukun da ba su da rasit ko ɗaya, LEFT JOIN ya riƙe sunayensu, ya cika gidajen biya da NULL. Sai bayan an gama haɗin WHERE ke zuwa tankaɗe. Ya tambaya, `b.wata = 10` ne? Amsar ba i ba ce, ba a'a ba ce, UNKNOWN ce. Shi kuwa TRUE kaɗai yake bari ya wuce. To aikinka ya koma INNER JOIN, mai zubar da wanda bai sami abokin haɗi ba, ba ka sani ba. Ni "gurbi" nake cewa: wurin yana nan, abin ne babu.

Baba Alaramma: Gaibu. Abin da ba a gani ba, ba a kuma sani ba. Tun bara nake faɗa muku. Gurbi ai na kaza ne.

Ɗan Zango: Baba, a sa gaibu cikin rasit ɗin makaranta? Iyayen yara za su ce Mushe duba yake koyarwa.

Baba Alaramma: Da Kanawa suka kawo ta da tuni kun haddace. Komai sai an ji a rediyon Kano kafin ya zama Hausa. Shi ma wannan hagun na LEFT JOIN ban yarda da shi ba. A ajami daga dama ake farawa, teburin farko a dama yake.

Uwar Biyu: Ni dai ku taimake ni, teburina na adashi a Excel layuka suna ɓacewa in na tace. Wannan ne?

Malama Injiniya: Naki ɓoye su aka yi, Yaya, cire tacewar za su dawo. Baba, LEFT ake bugawa a na'ura, dole mu ce hagu ko yara su rikice.

Ɗan Zango: Mushe, gyaran ba wuya. Ƙara `OR b.wata IS NULL` a ƙarshe, shi ke nan.

Mushen Birni: Na gwada yanzu, 34 suka fito. Saura 6.

Malama Injiniya: Haka za a yi. Su shidan nan sun sami abokin haɗi, wato rasit ɗin watan 9, don haka gidansu ba NULL ba ne, 9 ne a ciki. Ba su ci sharaɗin farko ba, ba su ci na biyu ba. Kuma su ne fa mai karɓar kuɗi ke nema. Share WHERE ɗin, ka kai sharaɗin watan 10 cikin ON:

```sql
LEFT JOIN biya b
  ON b.dalibi = d.lamba AND b.wata = 10;
```

Yanzu tun wurin haɗi ake zaɓen rasit. Wanda ba shi da na watan 10 zai zauna da gurbi, 40 cif, muddin ba wanda ya biya sau biyu a watan. In masu bashi kaɗai kake so, ƙara `WHERE b.dalibi IS NULL`, 9 za su fito. Ka koya musu ƙirga layuka kafin WHERE da bayansa.

Baba Alaramma: To ɗiyata, shi UNKNOWN fa? Ko shi ma kazar ce za ta kwanta a kai?

Malama Injiniya: Wannan kam ka kama ni, Baba. Gurbi bai ɗauke shi ba. "Ba a sani ba" nake cewa, kuma ya yi tsawo.

Mushen Birni: Na gode. Gurbi zan rubuta a allo don NULL. UNKNOWN zan bar shi yadda yake tukuna.

Baba Alaramma: Rubuta. Amma in yaro ya tambaye ka, ka ce akwai wanda ya ce gaibu.