Biro a kujerar fata: sifirit na gyarawa ko ɓatawa yake?

Maman Biyu: Jama'a raina a ɓace yake. Ɗan maƙwabciyata ya zane min hannun kujerar fata da biro, uwar ko sannu. An ce sifirit na fitar da tawadar ba tare da fatar ta tsattsage ba. Haka ne?

Anti Babba: Fata kika ce? Yawancin abin da ake kira fata yanzu roba ce aka manna a kan yadi.

Maman Biyu: Anti, tawa fata ce ta gaske.

Anti Babba: Kowa ma haka yake cewa, sai ta fara saɓulewa.

Mai Gyaran Kushin: Hajiya, ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a bayan kujerar. In ya tsaya a sama, fatar tana da rufin fenti, tawadar tana bisa rufin, akwai sa rai. In wurin ya sha ruwan ya yi duhu, to biron ma ya shige ciki, kada ki taɓa, a kira mai gyara. In mai rufi ce, fara da ruwan sabulu marar ƙarfi. Idan ya ƙi, ki jiƙa audugar goge kunne da sifirit kaɗan, ki fara gwadawa a ɓoyayyen wuri. Dangwalawa za ki riƙa yi a kan layin, ban da dirza, kina sauya auduga da zarar ta yi shuɗi. Kika ga launin kujerar a jikin audugar, tsaya nan, fentin kike cirewa.

Amarya: Ni da abin goge jan farce na yi, nan take ya fita.

Mai Gyaran Kushin: Ya fita tare da rufin. Asiton ke ciki, narkar da fenti yake. Duba wurin, ƙyallinsa ya mutu.

Amarya: Malam, ka zo gidana ne?

Uwargida: Ni dai uwar yaron ce ta ban mamaki. Ko da yake ke ma me ya kai farar kujera gidan da yara ke shiga?

Maman Biyu: Wa ya ce miki fara ce?

Anti Babba: In fatar gaske ce ai ba ta tsagewa, magana ta ƙare.

Mai Gyaran Kushin: Tana tsagewa, Anti. Sifirit na busar da wurin, shi ya sa bayan an gama ake gogewa da tsumma mai danshi, a bari ya bushe a inuwa, ba rana ba drayar gashi, sannan a shafa man gyaran fata.

Amarya: To basilin fa?

Uwargida: Ƙura zai kama, ya ɓata wa mutane tufafi.

Anti Babba: To a taƙaice, kusan kowa ya yarda kujerar roba ce, kuma Amarya ta lalata tata. Batun sifirit kuma, wanda ya ga zai iya ya gwada.

Maman Biyu: Na ɗiga ruwan, ya tsaya a sama.

Anti Babba: A kan roba ma ai tsayawa yake.