Fayil ɗin .env ya shiga GitHub, mene ne mafita?

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Mu uku muke gina manhajar biyan kuɗin makaranta, kuma tana aiki a kwamfutocinmu, da sabar gwaji, da sabar da iyaye suke biya ta cikinta. Fayil ɗin `.env` mai ɗauke da mabuɗin Paystack yana cikin ma'ajiyarmu ta GitHub, alhali sunansa yana cikin `.gitignore`. Yaya za mu gyara, kuma yaya za mu raba sirrin wuraren uku?

Ɗan Argungu: Wa alaikumus salam. `.gitignore` ba ya aiki a kan fayil ɗin da Git ya riga ya fara bibiya. Ka rubuta wannan, an gama:

```
git rm --cached .env
git commit -m "cire .env"
```

Injiniya, Gusau: Ɗan'uwa ya faɗi gaskiya, amma da saura. Umarnin ya cire fayil ɗin daga yau ne kawai, tsohon yana nan cikin tarihi, kuma `git log --all -- .env` zai nuna maka duk inda ya bayyana. Saboda haka mabuɗin da ya taɓa shiga can a ɗauke shi tamkar ya fita hannunku: ku samar da sabo, ku soke tsohon, ku kuma sauya kalmar sirrin rumbun bayanai.

Kafin ka tura gyaran, kowa ya kwafi `.env` ɗinsa gefe, domin duk wanda ya yi `git pull` bayan haka, Git zai share masa fayil ɗin, kuma idan da `git pull` kuke sabunta saba, ita ma za ta rasa nata, biyan kuɗi ya tsaya.

Game da rabo, mabuɗin da ya fara da `sk_test_` shi ne na kwamfutocinku da sabar gwaji, shi kuwa `sk_live_` kada ya zauna ko'ina sai babbar saba, a fayil ɗin da aka yi wa `chmod 600`. Kowane wuri ya sami rumbun bayanansa da kalmar sirrinsa. Abin da zai shiga Git shi ne `.env.example`, mai sunaye kawai babu sirri.

Malama, Jega: Ni ina ganin idan ma'ajiyar ba a buɗe take ga jama'a ba, sauya mabuɗi wahalar da kai ce.

Injiniya, Gusau: Malama, duk wanda ya taɓa yin `git clone` yana da tarihin gaba ɗaya a kwamfutarsa, har da wanda zai bar aikin gobe.

Mai tambaya: Na gode, Injiniya. To, bayan sauya mabuɗan, wajibi ne mu goge tarihin da `git filter-repo`?

Ɗan Argungu: A ganina ba wajibi ba ne, tunda mabuɗin ya mutu, kuma gogewar za ta tilasta muku ku uku sake ɗauko ma'ajiyar.

Injiniya, Gusau: Ni da zan goge, amma ka fara da sokewar yau.