Tallar Kirsimeti a kantinmu: yaya zan tsara ta?

Sani: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ke kula da kantin mahaifina a unguwar Zariya, nan Maradi, kayan masarufi muke sayarwa. Yawancin masu sayenmu Musulmi ne, amma Kirista ma suna da yawa. Ina son in rubuta tallar rangwamen Kirsimeti, a allo da kuma WhatsApp, ba tare da ran kowa ya sosu ba. Wane kalami zan sa?

Musa: Wa alaikumus salam. Kada ka jawo wa kanka surutu, abokina. Rubuta "rangwamen ƙarshen shekara" kawai. Ga 18 ga Disamba ranar Jamhuriya, ga 25, ga 1 ga Janairu, duka ka haɗa su a magana guda.

Hajiya Rabi: Musa, ta wajen tsawon kwanaki ka yi daidai, amma ɓoye sunan bikin ban yarda da shi ba. Matar da ta shekara tana sayen mai da sukari a hannunka, ta ga ka rubuta "Barka da Sallah" da manyan baƙaƙe, in nata ya zo ka yi ta kewaye-kewaye, za ta lura.

Sani ɗana, ka raba abu biyu: gaisuwa daban, farashi daban. Gaisuwa ta masu biki ce, ka ambace su. Rangwame kuwa na duk wanda ya shigo ne, kuma dole rubutun ya faɗi haka ƙarara, in ba haka ba wani zai tsaya bakin ƙofa yana tambaya ko sai Kirista ake rage wa. Da ni ce, ga abin da zan sa:

"Maƙwabtanmu masu bikin Kirsimeti, muna muku fatan a yi lafiya, a gama lafiya. Daga 18 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu mun rage 500 F a buhun shinkafa mai kilo 25, da 250 F a katan na taliya. Rangwamen na kowa da kowa ne. Ku zo, kantinku ne."

Ka ga ban ce "mu duka muna murna" ba, don ba kowa ke bikin ba, kuma ban sa wa kowa magana a baki ba. Fatan lafiya babu mai ƙin sa.

Kuɗin kuma ka faɗe shi tsaf, kada ka ce "rangwame mai yawa". A allo ka rubuta 500 F, amma a saƙon murya ka ce dala ɗari, don haka kunnen mutanenmu ya saba. Kafin nan ka zauna da Alhaji mahaifinka ku yi lissafi: in ribar buhu jika guda ce ka rage rabinta, sai ka sayar da buhu biyu kafin ka sami abin da guda ke ba ka. Kaya biyu ko uku sun isa, sauran ribar tana cikin mai da tumatirin gwangwani da za a haɗa a saya.

Ibro: In allon roba kake so, ka kai wa masu bugawa da wuri, Disamba layi ake yi. Ka ce su sa maka tsohon nan mai jar hula da farin gemu, yana jan ido.

Maryamu: Ibro, rubutu ya tambaya, ba bugu ba. Ni Kirista ce, Sani, kuma tsohon nan bai dame mu ba, hoton buhun shinkafa ya fi min amfani. Abin da zan roƙe ka, kada ka sa gicciye ko ayar Littafi Mai Tsarki kusa da farashi. Wani na ganin girmamawa ce, mu kuwa sai mu ga an yi talla da ibadarmu, takardar ma ta ƙare a ƙasa ko a ƙunshe ƙosai da ita. Mu nan Nowel muka fi cewa, in ka sa shi za a ji ka san mu. Ƴan Benin da Togo ka ƙara musu layi guda da Faransanci. Kuma ka tura saƙon tun wajen 15 ga wata, lokacin muke lissafin tukunya, don abincin ranar har gidajen maƙwabta Musulmi yake shiga.

Malam Isa: Ni maganar gaisuwar ce. Malamai sun saɓa a kan taya wanda ba Musulmi ba murnar bikin addininsa, kuma a garin nan masu ganin a bari suna da yawa. Kantin na Alhaji ne, ka karanta masa kafin ka tura. In bai natsu ba, ka rubuta "Rangwamen lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, na kowa da kowa", ka ambaci lokacin ba tare da gaisuwa ba.

Hajiya Rabi: Malam, shi ya sa na ce "a yi lafiya", ban ce "barka" ba.

Malam Isa: Na gani, Hajiya. Wasu za su ce duk ɗaya ne.

Sani: Na gode ƙwarai. Zan kai wa Baba duka biyun bayan magariba. Anti Maryamu, a allon, Nowel zan rubuta ko Kirsimeti?

Maryamu: Sa duka biyun, ƴan Najeriya na babbar kasuwa Kirsimeti suka sani.