Masu riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa shafuka: ya kuke yi idan aikin ya fi ƙarfin kuɗin watan?

Maman Iman:

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ina riƙe wa wata mai sayar da jakunkuna da takalma shafukanta na Instagram da Facebook. Da za mu fara, da baki muka yi magana: fostin 12 a wata, 8 hotuna, 4 gajerun bidiyo, sai Stories sau uku a mako. Na ƙiyasta a raina aikin awa 20 ne, a kan haka na yanka kuɗin wata.

Watan jiya na ga kullum ina gajiye kuma kuɗin ba ya kai ni ko'ina, sai na riƙa rubuta duk lokacin da na zauna a kan aikinta. Zama da ita da tsara kalandar wata, awa 3. Ranar ɗaukar hoto da bidiyo, awa 4. Hotuna takwas ɗin da rubutun ƙarƙashinsu, minti 45 kowanne, awa 6. Bidiyo huɗu, awa biyu da rabi kowanne, awa 10. Stories awa 2, jera fostin a Meta Business Suite awa 1, gyare-gyaren da take nema awa 3, rahoton ƙarshen wata awa 2. Sai abin da ban taɓa sawa a lissafi ba, wato amsa saƙonnin masu tambaya: wajen rabin awa kullum, kwana 26, awa 13. Jimla awa 44. Ashe kowace awa ina karɓar ƙasa da rabin abin da na zata.

Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, don Allah ya kuka fita? Ba na son rasa ta, mutuniyar kirki ce.

Abu Safwan:

Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, kin riga kin yi abin da ya fi wuya, kin ƙirga. Ni sai da na shekara biyu kafin na yarda na yi hakan.

Ga yadda nake fitar da farashi yanzu. Ina fara haɗa abin da nake buƙata a wata don in rayu, in ɗora kuɗin data, da na Canva, da abin da nake ajiyewa don canza waya idan ta tsufa. Wannan jimlar nake rabawa da awannin da zan iya sayarwa. A nan mutane ke yaudarar kansu. Idan kina aiki awa 40 a mako, wata ya ba ki kusan 160, amma ba duka ake biya ba. Neman sabon aiki, bin bashi, koyon sabon abu, ranar rashin lafiya, babu mai biyan ki waɗannan. Ni da na duba nawa, wajen 100 nake iya sayarwa. To a wannan ma'aunin, mai jakunkunan nan tana cin 44 cikin 100 na lokacinki, ya kamata kuɗinta ya ɗauke 44 cikin 100 na buƙatarki ta wata. Kuma irinta biyu kawai za ki iya riƙewa, ta uku ba za ta samu wuri ba. Duk wanda ya ce miki yana riƙe shafuka takwas shi kaɗai, ki tambaye shi ko yana amsa saƙo, ko yana ɗaukar bidiyo da kansa.

Bayan na samu adadin, ina ƙara 15 cikin ɗari saboda abin da ba a shirya masa ba, don kowane wata sai an samu. Amma ba na nuna wa mai kasuwa lissafin awa. Abin da yake gani jerin aiki ne da kuɗi guda. Da ka nuna masa awa, sai ya fara ce maka ai ɗansa yana haɗa bidiyo a minti ashirin.

Sadiq Zane:

Ni gaskiya ban ga amfanin duk wannan lissafin ba. Ki sa wa hoto ɗaya kuɗinsa, bidiyo ɗaya kuɗinsa, ƙarshen wata ki ƙirga ki turo mata. Haka nake yi, ban taɓa rigima da kowa ba. Kuma 12 sun yi kaɗan, shafi sai da fostin kullum yake motsi.

Abu Safwan:

Sadiq, tsarinka ya yi wa mai zane daidai, domin kai kana miƙa hoto ne ka tafi. Amma duba lissafinta: hotuna da bidiyo awa 16 ne kawai cikin 44. Sauran 28 ɗin a kan wane fostin za ta ɗora su? Inda na yarda da kai shi ne a sa wa ƙari farashi tun farko. Ni ma a takardata akwai kuɗin bidiyo na biyar da na shida, don kada a ce mini “ɗan ƙara mana ɗaya”. Maganar kullum kuwa, idan kayan shagon ba sa canzawa kullum, za ta ƙare da maimaita hoto ɗaya ne.

Anti Rabi:

Maman Iman, ni abin da ya ja hankalina awa 3 na gyara ne, don na san a zahiri sun fi haka ciwo. Ba tsawonsu ba ne, lokacin da suke zuwa ne. Na yi aiki da wani mai shagon kayan ɗaki da ba ya duba komai sai an wallafa, sannan ya kira ni da daddare ya ce a sauke, farashin ya canza, ko kujerar an sayar tun shekaranjiya. A sauke fostin da mutane suka fara tambaya a ƙarƙashinsa, asara ce biyu.

Kalandar ce ta raba mu da wannan. Google Sheets nake amfani da shi, layi ɗaya fostin ɗaya: rana, shafin da zai hau, hoto ne ko bidiyo, kayan da za a nuna, rubutun da zai bi shi, ko akwai kayan a ƙasa, sai gurbin ƙarshe inda shi zai rubuta ya amince. Ranar 20 ga wata muke zama ya gaya mini abin da zai shigo da abin da yake son ya fita da wuri. Ranar 22 ko 23 mu yi ɗauka, ta wata guda a yini ɗaya. Ranar 26 na tura masa kalandar, yana da kwana biyu ya duba, gyara zagaye ɗaya, ya haɗa duk abin da yake so a saƙo guda. Ya yi shiru har wa'adin ya wuce, na ɗauka ya amince, kuma wannan a rubuce yake ya sa hannu.

Kuskuren da na yi da farko shi ne cika duka watan. Yanzu cikin 12 ina rufe 9, in bar 3 babu komai, don sabon kaya da ya iso a tsakiyar wata ko rangwamen da ya taso. Idan ya bugo da gaggawa, sai in ce akwai gurbi ranar kaza. Idan ukun sun ƙare, na huɗu da kuɗinsa. Kuma ko na jera su gaba ɗaya, kowace Litinin ina tambayarsa ko kayan wannan makon suna nan. Gurbin nan na “akwai kaya” shi ya fi komai cetona.

Hajiya Mai Lalle:

Ni ba mai wannan sana'a ba ce, ni ce mai biya. Ku yi haƙuri in faɗi nawa. Na biya wani yaro wata uku, mabiya ba su ƙaru ba sai kaɗan, da na yi magana ya ce sai na sake ba da kuɗin talla. To kuɗin da nake ba shi na mene ne? Ba shi zai biya Facebook daga ciki ba?

Anti Rabi:

Hajiya, ranki ya daɗe, laifinsa shi ne bai bayyana miki tun ranar farko ba. Kuɗin wata ladan aikinsa ne. Kuɗin talla daban ne, Meta, kamfanin da ke da Facebook, ake biya, kuma ya fi kyau ya fita daga katinki, a asusun tallanki, ki riƙa ganin abin da aka kashe da idonki. Sannan kada ki ba kowa kalmar sirrinki. A Meta Business Suite za ki iya ƙara shi ki ba shi izinin wallafa da amsa saƙo, ranar da kuka rabu ki cire shi, shafin yana hannunki. Game da mabiya kuma, ni da zan tambaye shi, mutum nawa suka turo saƙo suna tambayar farashi a wata zan tambaya, da nawa suka zo. Idan ba shi da wannan adadin bayan wata uku, kina da gaskiyar yin ƙorafi.

Ummi Z.:

Ni awa 13 na saƙo ne suka tsaya mini. Na daina karɓar wannan aikin gaba ɗaya. Wata rana na gaya wa kwastoma akwai kaya bisa abin da aka faɗa mini da safe, ta turo kuɗi, ashe an sayar. Ni aka zaga. Mai shago ita ta san abin da ke kan kanta, ita ya kamata ta amsa. Ni dai ina saita mata amsar farko ta atomatik da amsoshin da aka saba, farashin kai kaya, lokutan buɗewa, shi ke nan.

Abu Safwan:

A nan mun saɓa, Ummi. Na gwada barin saƙo a hannun mai shago, sai ya kwana biyu bai buɗe ba, ƙarshen wata ya ce shafin ba ya kawo ciniki. Saƙon shi ne inda ake cinikin. Ina karɓa, amma da kuɗinsa daban, da iyaka: sau biyu a yini, safe da yamma, kwana shida, kuma ba na karɓar kuɗin kwastoma, ina miƙa shi ga mai shago idan an zo biya.

Maman Iman:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na zauna da ita jiya, na kai mata zaɓi biyu a rubuce. Na farko, kuɗin ya tsaya yadda yake, ta karɓi saƙonni, bidiyo ya koma biyu: awa 13 da awa 5 sun fita, saura 26. Na biyu, komai ya ci gaba, kuɗin ya kusa ninkawa daga wata mai zuwa, a biya a farkon wata. Ranar 26 da gyara zagaye ɗaya ta karɓa nan take, har ta ce ita ma zai sauƙaƙa mata.

Sai dai ta kawo na uku da ban shirya masa ba. Ta ce a bar kuɗin yadda yake, in ci gaba da amsa saƙo, ta riƙa ba ni kaso a duk cinikin da ya zo ta shafin. Na ce ta ba ni mako guda. Abin da ke damuna, da yawa suna gani a Instagram ne su je shagon da ƙafarsu, ta yaya za a san nawa ne? Yaya Abu Safwan, Anti Rabi, akwai wanda ya taɓa yin aiki a kan kaso ya ga daidai?

Anti Rabi:

Sau ɗaya na yi, wata huɗu. Mun sa wata kalma da mai saye zai ambata a shago don a gane daga shafin ya zo, rabinsu suna mantawa, yaran shagon ma ba sa rubutawa. Idan za ki karɓa, ya zama ƙari ne a kan kuɗin da ya biya awa 44 ɗin, kuma a kan odar da aka kammala a cikin saƙo kawai, wadda ku biyun duk kuna iya buɗewa ku ƙirga.